Rajista ɗaya, hotuna da yawa: layuka sun cakuɗe, hedin na maimaituwa

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗauki hoton rajistar ƙungiyarmu ta mata shafi-shafi, na juya ta zuwa Excel. Yanzu layuka sun cakuɗe, layin sama mai S/N, Suna, Lambar waya, Kuɗi ya shigo tsakiya sau da yawa, wasu sunaye kuma sun fito sau biyu. Don Allah ya zan yi? Ranar Alhamis ake son jerin."

Wa alaikumus salam, Malama. Wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi, don wannan abu ya taɓa sa ni kwana ban runtsa ba. Kafin komai, don girman Allah kada ki taɓa Remove Duplicates tukuna, kada kuma ki jera sunayen daga A zuwa Z. Idan kin riga kin yi, ki rufe fayil ɗin ba tare da kin adana ba, ko ki koma kan kwafin farko.

Ni sakatare ne a wata ƙungiyar manoman albasa a yankin Wurno. Shekaru biyu da suka wuce, gab da dashen rani, aka ce mu kawo jerin mambobi a Excel saboda rabon taki. Rajistarmu mai shafi 12 ce, bugaggiya, kowane shafi layi 25, sai na ƙarshe mai layi 12. Mutum 287 ke nan. Ina cikin garin Sakkwato lokacin, rajistar tana ƙauye a hannun mataimakin shugaba. Na roƙe shi ya ba direba ya kawo mini, ya ce a'a, littafin ƙungiya ba ya fita, ɗansa zai ɗauka a waya ya turo. Yaron ya yi iya ƙoƙarinsa. Da ya ga rubutun ƙanana ne sai ya raba kowane shafi biyu, sama da ƙasa, yana maimaita layi biyu a tsakiya don kada wani ya faɗi. Hoto 23 suka shigo mini ta WhatsApp da daddare, sabis yana zuwa yana ɗaukewa.

Ban sani ba a lokacin, ashe WhatsApp ba ya barin hoto da sunansa na asali. A wayar Android yakan sa masa irin `IMG-20231014-WA0007.jpg`, kuma lambar ƙarshen nan ba ta san shafin littafi ba, jerin yadda hotuna suka shigo wayarki ne, har da na wasu mutane da suka turo miki a tsakani. Yana kuma matse hoton, yana goge bayanin lokacin da aka ɗauke shi. Ni kuwa na bi lambobin nan kamar su ne gaskiya. Rabin shafi na 9 ya zo kafin na 4 ban lura ba.

Da na gama haɗawa sai na ga layi 331 a ƙarƙashin hedin, maimakon 287. Rarar 44. Yau ina iya faɗa miki daga ina kowane ya fito: 22 layukan da yaron ya maimaita ne, biyu-biyu a shafuka goma sha ɗaya, 11 hedin ɗin shafi na 2 zuwa na 12 ne, sauran 11 kuma layin B/F ne, wato jimillar kuɗin da ake ɗaukowa daga shafin baya a ɗora a saman sabo. Amma a daren nan ban tsaya lissafi ba. Na gaji, ƙarfe ɗaya ta wuce, na danna Remove Duplicates, na zaɓi kwalam ɗin suna kaɗai. Ya sauko 280. Na ce to, kusa ne, wataƙila mun yi kuskuren ƙirga tun farko. Na tura.

Malama, a ƙasar Sakkwato kin san Abubakar Muhammad nawa za a samu a ƙauye ɗaya, balle Umaru Bello da Shehu Aliyu. Excel yana barin na farko ne ya share duk wanda ya biyo baya da suna iri ɗaya. Mutum 9 na gaskiya, waɗanda suka biya kuɗinsu, na share da hannuna. Cikin 280 ɗin ma biyu ba mutane ba ne, hedin ɗaya da B/F ɗaya da suka tsira.

Ranar rabo aka kira suna aka gama, dattijai tara suna tsaye a rana. Ɗaya daga cikinsu sa'an mahaifina ne, ya zo da jakinsa tun da safe, da buhun da zai shimfiɗa a bayansa. Bai yi faɗa ba. Ya fito da rasit ɗinsa daga aljihun taguwa, a naɗe cikin leda, ya miƙo mini, ya ce, "Ɗana, duba mini ko dai ni na yi kuskure." Har yau in na tuna hannunsa yana rawa sai zuciyata ta yi nauyi. Mataimakin shugaba kuwa, wanda shi ya hana a kawo mini littafin, shi ya fara ɗaga murya a gaban jama'a: "Sakatare, mi kay yi da sunayen mutane?" Ya san sarai abin da jama'a za su ɗauka, cewa na sayar da guraben ne. Bai ce uffan kan hotunan da aka turo a hargitse ba. Na yi shekara shida ina wannan aiki ba albashi, da kuɗin datana nake yi, ko ruwan leda ban taɓa sa wa a lissafin ƙungiya ba. Mako uku ina jin maganar a bakin mutane, har a wurin ɗaurin aure. Daga baya gaskiya ta fito, an ba su takinsu, amma shi har gobe bai ce mini yi haƙuri ba. Muna gaisawa, shi ke nan. Allah ya sa mu dace.

To, ga yadda nake yi tun daga ranar, kuma da shi na gyara wancan jerin.

Ki koma kan hotunan kafin ki koma kan Excel. Buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ki duba S/N na farko da na ƙarshe a kowane, ki rubuta a takarda: wannan daga 1 zuwa 14, wannan daga 13 zuwa 25, haka har ƙarshe. Da wannan za ki san jerinsu na gaskiya. Sai ki sake musu suna, kuma ki sa sifili a gaban ƙananan lambobi: `01`, `02`, `03` har na ƙarshe. Idan kika rubuta 1, 2, 3 kawai, wasu manhajojin suna jerawa kamar haruffa, sai 10 da 11 su zo kafin 2.

Sannan ki juya hotunan ɗaya-ɗaya, kada ki zuba su gaba ɗaya. Duk wanda kika liƙa a Excel, ki cike kwalam A da lambar hoton a gaban kowane layinsa. Na san da gajiya. Amma wannan kwalam ɗin shi ne igiyar da ke ɗaure kowane layi da asalinsa; in wani suna ya yi miki shakka, kin san hoton da za ki buɗe. In kin gama liƙawa, ki ƙara kwalam ɗaya a can ƙarshe ki ja 1, 2, 3 har ƙasa, ki adana kwafi da wani suna. Ko me ya lalace daga baya, ki jera da wannan kwalam ɗin komai ya koma mazauninsa.

Maganar hedin kuma, kada ki dogara da neman kalmar S/N, don manhajar da ke juya hoto zuwa Excel ba kullum take karanta ta daidai ba. A nawa akwai inda ta zama 5/N, akwai SIN. Abin da ya raba layin mutum da na hedin shi ne layin mutum yana da lamba a gidan S/N. In S/N yana kwalam B, ki rubuta wannan a wani kwalam da babu komai, ki ja shi ƙasa:

```
=ISNUMBER(B2)
```

Ki sa Filter ki zaɓi FALSE. Hedin zai fito, B/F ma zai fito tunda gidan lambarsa fanko ne. Amma ki kalle su da ido kafin ki share, domin wani lokaci lambar mutum na gaskiya takan shigo a matsayin rubutu, za ki ga ɗan koren alama a kusurwar gidan. Irin wannan Convert to Number ake yi masa, ba sharewa ba. B/F ya fi hedin haɗari, ki sani. SUM yana tsallake rubutu, don haka hedin ba ya taɓa jimillar kuɗi, adadin layuka kawai yake kumbura. B/F kuwa lamba ce, tana shiga jimilla ta ninka ta. Kafin ki share su ki kwafe adadinsu a takarda, za su yi miki amfani.

Bayan nan sai gwajin da na fi so, wanda da na san shi a daren nan da ba a kai ga dattijon can ba. A layi na uku ki rubuta:

```
=B3-B2
```

Ki ja har ƙasa. Ko'ina ya kamata ki ga 1. Inda aka maimaita layi biyu, lambobin za su tafi 13, 14, 13, 14, sai ki ga -1 a wurin komawar. Ki buɗe hotunan biyu, ki bar wanda ya fi fitowa sarai, ki share ɗayan. In kin ga 2, layi ɗaya ya faɗi, galibi na bakin hoto ko na wurin lanƙwasar littafi. In kin ga babbar lamba kamar 60 ko -100, hoto ne guda ya zauna inda ba wurinsa ba. Bayan kowace sharewa ki sake jan lissafin daga sama, don zai nuna #REF! a inda kika cire layi.

Af, ban tambaye ki ba ko lambobin rajistarku suna ci gaba ne ko kowane shafi yana sake farawa daga 1. Littattafan adashi da yawa haka suke. In haka ne, ki sa lambar shafi a kwalam A maimakon ta hoto, ki haɗa su da `=A2*100+B2`. Mace ta 14 a shafi na 7 ta zama 714, ba mai irin lambarta. Da wannan lambar za ki nemi maimaici, ba da suna ba. Hauwa'u da Asma'u ba su ƙarewa a garin nan.

Kuɗin B/F da kika kwafe kuma: ki cire na shafi na 5 daga na shafi na 6, abin da ya rage shi ne jimillar shafi na 5. Ki gwada da abin da Excel ya ba ki na shafin. Ta haka na kama inda 7,000 ta koma 1,000 a wuri biyu. In rajistarku rubutun hannu ce ma, ki sa ran irin wannan ya fi yawa, wani shafin gara ki buga shi da kanki.

In littafin yana kusa da ke, ni da zan sake ɗauka ne gaba ɗaya, ya fi sauƙi. Ki rubuta lambar shafi da fensir a kusurwar sama. Ki shimfiɗa shi a tabarma a inuwa da hantsi, ba a cikin rana tsaka ba, don farar takarda tana ƙyalli ta cinye rubutu. Daga shafi na biyu ki ɗora tsinken farar takarda a kan hedin, ya rufe shi, sai ya zama manhajar ba ta gan shi ba balle ta maimaita. In dole ki raba shafi biyu, ki sa ɗigon fensir a layin da kika tsaya, ki maimaita layi ɗaya tak. Ki yi amfani da Scan na cikin Google Drive, yana haɗa shafukan cikin PDF guda bisa jerin da kika ɗauka. In wani ne zai turo miki, ki ce ya turo a matsayin Document, sunan fayil da ingancinsa ba sa canzawa.

Kuma ki ƙirga matan da ke littafin da yatsa tun kafin ki fara, ki rubuta adadin a gabanki. Ranar Laraba da yamma ki samu ma'ajiyarku, ita ta riƙe littafin ke ki riƙe jerin, ku bi suna-suna. In lambar ta ƙi daidaita, ki turo mini S/N na farko da na ƙarshe na kowane hoto kawai, ba sai da sunayen mutane ba, in sha Allahu bayan Isha'i zan duba miki.