Me ya sa ruwa ke ɗaukewa a saman bene idan maƙwabta suka buɗe famfo?

Tambaya: Assalamu alaikum. A hawa na huɗu nake zaune. Da tsakar dare ruwan famfona da ƙarfi yake zuwa, amma da safe idan kowa ya tashi wanka sai ya koma ɗigo, wani lokacin ma iska kawai nake ji. Na ƙasa kuwa ruwansu bai taɓa yankewa ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, famfonka lafiyarsa ƙalau. Abubuwa biyu ne ke cin ƙarfin ruwa kafin ya iso gare ka: tsayi, da gugar da ruwa ke yi da cikin bututu.

Mu fara da tsayi. Ana iya auna ƙarfin ruwa da yawan mitocin da zai iya hawa. Abin da geji ke nunawa a matsayin 1 bar ya kai ya ɗaga ruwa kimanin mita 10. Kowane hawa na bene kusan mita 3 ne, don haka famfon da ke hawa na huɗu yana wajen mita 12 daga ƙasa. Wannan asarar ba ta canzawa, ko da rana ko da dare.

Gugar bututu ce mai canzawa, kuma ita ce ke ba ka wahala. Ruwan da ke tsaye a bututu ba ya asarar komai ta wannan hanya, sai ya fara gudu. Kuma asarar tana saurin hauhawa fiye da yawan ruwan da ake ja. Idan ruwan da ke bi ta bututu ɗaya ya ninka biyu, asarar takan kusa ninka huɗu. Idan ya ninka uku, takan kai wajen ninki takwas.

A ce ruwa yana shigowa gininku da ƙarfin mita 20. Da dare kai kaɗai ka buɗe famfo, guga ta ci mita 1, tsayi ya ci 12, ka tsira da 7. Ya ishe ka wanka. Da safe ruwan da ake ja ta babban bututun ya ninka uku, guga ta cinye mita 8, saura 12. Na hawan ƙasa yana da kusan dukkan 12 ɗin nan, shi ya sa bai ma san ana yi ba. Kai kuwa tsayi zai kwashe 12 ɗin gaba ɗaya, ruwa ya zo bakin famfonka ya tsaya. Wani ya ƙara buɗe nasa, sai ruwan ya ja da baya, famfonka ya fara zuƙar iska. A irin wannan lokacin kada ka bar tiyo a nutse cikin bokiti ko baho, domin yana iya tsotse ruwa mai datti ya mayar da shi cikin bututun kowa.

Idan daga tankin da ke kan rufi ruwanku ke gangarowa, lissafin ya juya amma kai ne dai a baya. Tazararka da tankin ba ta wuce mita 2 ko 3 ba, don haka 'yar guga kaɗan ta isa ta cinye rabonka.

Kafin ka kashe kuɗi, ka sa mai gyaran famfo ya ɗaura geji inda ruwa ke shigowa ginin, a duba shi da dare da kuma safiya. Idan allurar ta faɗi sosai tun a can, to daga babban layin titi ne matsalar ta taso, kuma maganin shi ne tankin ƙasa da injin da zai tura ruwa sama daga cikinsa. Ba na ba da shawarar haɗa inji kai tsaye da layin titi, don ruwan maƙwabta zai janye, kuma a wurare da yawa doka ta hana. Idan kuwa allurar ba ta motsa sosai ba amma naka ya ɗauke, laifin na cikin gida ne: bawul ɗin da ba a buɗe duka ba, ko bututun da ya yi wa ginin kaɗan, ko tsohon na ƙarfe da tsatsa ta cike masa ciki.

A nan faɗin bututu yana yin abin mamaki. Idan aka sauya babban bututu mai inci ɗaya da mai inci ɗaya da rabi, guga takan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin bakwai. A misalinmu, mita 8 ɗin nan za ta koma ɗaya da 'yan kai, ruwan safiyarka ya zama kamar na dare. Masu tankin rufi kuma, a ja wa hawan ƙarshe bututunsa daban tun daga gindin tankin.