Yadda za ki bambance zanen kwayar halittar tsiro da ta dabba

"Kanena yana SS1 a Agege. An ba shi zane biyu, tsiro da dabba, mun kasa bambance su. Me za mu duba?"

Yar'uwa, fara duba gefen zanen. A tsiro layi biyu ne: na waje mai kauri shi ne bangon selulos, na ciki siriri shi ne fatar kwayar, manne da bangon. A dabba layi daya ne tak. Bangon ne ke ba kwayar tsiro kusurwoyi kamar tubali, ita kuwa ta dabba ba ta da tsayayyar siffa.

Sai bakuwol, jakar ruwa. A tsiro katuwa ce guda daya a tsakiya, har takan ture nukiliyas, wato cibiyar kwayar, gefe. A dabba, in ma akwai, kanana ne. Ki lura da alayyahun da kika sayo a Mile 12: in ya sha rana ya yi yaushi, ruwan jakar ne ya ragu. Ki jika shi, jakar ta cika ta tokare bango, ganyen ya mike. Jajayen kwayoyin jini kuwa, da yake ba su da bango, in an sa su a tsabtataccen ruwa kumbura suke yi har su fashe.

Inda yara ke faduwa, kuma yana damuna, kuloroplas ne, korayen kwayoyin da ke hada abinci da hasken rana. Ba kowace kwayar tsiro ke da su ba. Bawon cikin albasa, wanda ake yawan sawa a madubin likita a makaranta, ba shi da ko daya, domin a karkashin kasa albasar ta girma. In kanenki ya ga bango da babbar jakar ruwa, ya rubuta tsiro ko da babu kore.