Amsa: Hoton da ba ya kama da abin da ke kai

"Na rubuta wa manhajar zanen hoto 'tsoho a zaune', sau biyar tana ba ni kusan abu ɗaya, fuska sumul kamar ta talla. Ina kuskuren?"

Malam, manhajar ba ta san tsohon da ke cikin kanka ba. An horar da ita ne da ɗimbin hotuna haɗe da bayanansu, don haka duk gurbin da ka bari sai ta cike shi da abin da ta fi yawan gani tare da kalmar "tsoho": furfura, kujera, abin da ke bayansa a dusashe. Kalmomi uku ka ba ta, ita ta zaɓa maka sauran.

Gwada haka: "Tsoho mai gyaran agogo, gilashi ya zamo masa kan hanci, yana riƙe da ɗan hantsaki a kan buɗaɗɗen agogon hannu. Ƙaramin ɗaki, teburin katako duk zane-zanen wuƙa, hasken yamma yana shigowa ta taga daga hagu. An ɗauka daga kusa."

Ka lura ban ce "kyakkyawa" ko "mai ban sha'awa" ba. Waɗannan ba sa nuna komai da ido zai kama. Hantsakin kuwa ya ba hannuwansa aikin yi, ya sunkuyar da kansa, tagar kuma ta yanke inda inuwa za ta faɗi. Ni a ganina haske ne mutane suka fi mantawa.

Amma kada ka cika kaya. In ka saka mutum uku kowa da launin rigarsa, sau da yawa launukan kan cakuɗe, jar rigar wannan ta koma jikin wancan. In ka ga haka, rage mutanen, ka riƙa canza abu ɗaya a kowane gwaji don ka gane wanda ya yi tasiri.