Wayar da kai kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauye

"An ba ni minti 45 in yi wa matan ƙauye bayanin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Me zan riƙe, kuma yaya zan san sun ɗauka?"

Malama, ki tsaya kan gidan sauro kaɗai, ki bar dogon jawabi. Ki je da gidan sauro, tabarma, igiya, ƙusa huɗu, allura da zare, da kwalbar ruwan kwata mai tsutsar sauro, su ga inda yake haihuwa. Ki tara mata kamar 15 a tsakar gida guda, ban da ranar kasuwa. Ki ɗaura sau ɗaya, sannan biyu daga cikinsu su ɗaura, su cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma, su ɗinke huda. Ki jaddada a shanya sabo a inuwa kwana guda kafin a shiga, don wadda maganin jikinsa ya sa wa ƙaiƙayin fuska daren farko da wuya ta koma cikinsa. Wanki da sabulun sanda, shanya a inuwa.

Wajen aunawa kada ki dogara da "kun gane?", kowa zai ce e don kunya. Bayan mako biyu ki zaga gida goma, ki nemi izinin leƙa ɗaki, ki tambaya wa ya kwana a cikin gidan sauron jiya, musamman mai juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5. In kin tarar da shi cikin leda, sau da yawa wurin ɗaurawa ne babu, kuma maigida ke kafa ƙusa. Don haka ki roƙi mai unguwa ya tara mazan daban.