Falle, gyauto da katara: yadda ake kasa turmin atamfa

Tambaya daga wata mai karatu a wani ƙauye kusa da Ringim: "Malam, an kawo mini turmin atamfa, sai kakata ta ce in gaya wa tela kada ya taɓa falle na uku, domin na gyauto ne. Da na ce zan ari zanen ƙanwata in je biki, sai ta ce zanen aro ba ya rufe katara. Mene ne falle, gyauto da katara? Kuma kallabi da ɗankwali abu ɗaya ne?"

'Yata, kalmomin nan duka suna da alaƙa da turmi, saboda haka daga can za mu fara. Turmin atamfa a kasuwa yau yadi 6 ne, kuma idan aka kasa shi uku daidai, kowane kaso mai yadi 2 shi ake kira falle. Shi ya sa za ki ji an ce wance ta fito da zane falle ɗaya, wato ba ta ƙara komai a kansa ba. Kason da tsofaffi suka saba shi ne falle ɗaya zane, falle ɗaya riga, sannan na uku a bar shi sukutum, a kalmashe bakinsa kawai. Ɗankwali kuwa a kan fitar da shi daga abin da riga ta rage, ko kuma a tsage shi daga falle na uku idan mai kayan ba ta damu da zane na biyu ba. Telolin yanzu sun fi son su cinye falle biyu a riga mai manyan hannuwa, kuma wannan ne kakarki take tsoro.

Zane shi ne uwar shigar, domin ya girmi riga. Kafin riga ta zama ruwan dare a ƙauyukanmu, mace takan ɗaura zane ne daga ƙirji, ta yafa wani idan za ta fita, kuma har gobe ɗaurin ƙirji yana nan a cikin gida lokacin daka ko wanki. Da riga ta karɓi aikin rufe ƙirji da kafaɗu, sai zane ya sauko ƙugu. A ƙarƙashinsa akwai fatari, ɗan gajeren abin da ake sawa ciki domin ko iska ta buɗe zane kada a ga jiki. Gyauto kuma, a bakin tsofaffinmu na nan, zane ne na biyu da ake ɗaurawa a ƙugu a kan na farko, yawanci a ɗan ɗage shi yadda ƙasan na cikin zai leƙo. Yana ƙara wa babbar mace kwarjini, amma amfaninsa ya wuce ado: shi za ta kwance ta goya yaro ta ɗaure da majanyi, shi za ta yafa idan baƙo ya yi sallama ba shiri. Ga kuma haɓar zane, wato kusurwar da ake sokewa, inda iyayenmu suke ƙulle kuɗin cefane da goro.

Yanzu sai katara. Katara ita ce gefen jiki daga ƙugu zuwa saman cinya, kuma nan ne wurin da bakin zane yake haɗuwa. Mace takan riƙe gefe ɗaya a jikinta, ta zagayo da ɗayan ta baya, ta haye na farkon, sannan ta soke a ƙugu, galibi ta hagu. Abin da yake rufe jiki shi ne wannan hawan da gefe ɗaya ya yi a kan ɗaya. Mu yi lissafi. Yadi inci 36 ne, falle ke nan inci 72. Idan ƙanwarki awon ƙugunta ta wajen mazaunai inci 36 ne, falle zai zagaye ta sau biyu cif, ta yi tafiya ta tsallake kwata ba a ga fatarinta ba. Mace mai inci 50 kuwa, abin da zai rage mata na hawa inci 22 ne kacal, kuma daga ciki za ta cire na sokewa. Da ta ɗaga ƙafa za ta hau babur, ko ta sunkuya a bakin rijiya, bakin zanen zai wage daidai katara. Alamar zanen da ya yi wa mace kaɗan ba ta ɓuya: za ki ga hannunta ɗaya kullum yana riƙe da gefensa, tana tafiya tana gyara ɗauri. Maganinsa a gaya wa tela ya yanka zanen yadi biyu da rabi tun farko, ko ya yi masa ƙari, sannan idan atamfar sabuwa ce mai santsi ya sa masa igiya a sama.

Wannan shi ne hoton da ke cikin karin maganar. Abin aro an yanka shi ne a kan jikin mai shi, ga shi kuma mai aro ba ta da ikon yi masa ƙari, kuma ana iya aiko yaro ya karɓe shi tana tsakiyar taro. Wasu sukan ce kayan aro a maimakon zanen aro, ma'anar ɗaya ce, amma ni na fi son ta kakarki, domin zane ne yake da hulɗa da katara. Akwai wata karin maganar da matasa suke jawowa nan bisa kuskure, wato za ni ce ta tarar da mu je. Babu tufa a cikinta, za ni ce ta tafiya, sai dai da yake ana rubuta sunan tufar zani ko zane, ido yakan ruɗe. Haka kuma zanen ɗaurawa wasalinsa na farko gajere ne, jam'insa zannuwa, alhali zanen alƙalami ana jan wasalinsa, jam'insa zane-zane.

Riga ba ta buƙatar dogon bayani. Sharaɗinta ɗaya ne a wannan shigar, ta sauko ta rufe wurin da aka soke zane, domin idan ta tsaya sama da shi, ɗaga hannu kaɗan zai raba su.

Kallabi da ɗankwali a yau abu ɗaya suke nufi, amma kallabi ce tsohuwar kalma, shi ya sa kika fi jin ta a bakin tsofaffi. Ɗankwali haɗaɗɗiyar kalma ce, ɗa da kwali, kuma ana danganta sunan da 'yan ƙyallayen kanti da ake sayarwa a naɗe cikin kwali, daga baya ya bi duk abin da mace ta ɗaura a ka, ko da daga turminta aka yanko shi. Aikinsa rufe gashi da kare kitso daga ƙura da hayaƙin murhu, kuma a kansa ake aza gammo. Kada a haɗa shi da gyale ko mayafi, waɗanda ake yafawa a samansa su sauko kafaɗu idan za a fita. Ɗaurin ma suna gare shi, kamar goggoro mai tashi sama da ture ka ga tsiya wanda ake turowa gaban goshi. Kalmar ɗankwali ta kafu har ta zama sunan mace kanta, kamar yadda hula take tsayawa a madadin namiji, shi ya sa idan mace ce take tuƙa mota maza suna zaune, ko take jagorancinsu a wani aiki, sai ki ji an ce ɗankwali ya ja hula.

Idan za ki kai ɗinkin, ki sa a yanka fallayen uku a gabanki, ki ba tela biyu tare da gaya masa ya fitar da ɗankwali daga na rigar, na ukun kuma ki karɓa da zarar ya kalmashe bakinsa.