Minti nawa shaf ɗin nan zai ci a kan inji?

"Malam, na sayi injin les na hannu, ina gyara shaf ɗin injin niƙa da na ban ruwa, amma kullum man janareto ke cinye min riba don ban san lokacin da aiki zai ɗauka ba kafin in yanke kuɗi. Yaya zan yi?" Daga wani matashi a Ringim.

Ɗana kwantar da hankalinka, abu uku kawai za ka riƙe: tsawon wurin da za ka fere, tafiyar da wuƙa ke yi a kowane juyi ɗaya wato fid, sai yawan juyin da injin ke yi a minti.

T = L ÷ (f × N)

T shi ne lokaci a minti, L tsawo, f fid, N juyi. Mu ce shaf mai kaurin milimita 50 ne, za ka fere tsawon 315, ƙara 5 na shigar wuƙa ya zama 320. Ka sa fid milimita 0.2, juyi 200. Ninka su ka samu 40, wato wuƙa na cin milimita 40 a minti, raba 320 da 40, minti 8 kenan. Amma fa wucewa ɗaya ce wannan, nan ne mutane ke cutar kansu. In za ka sauko da shi zuwa 44, milimita 3 ne a gefe, ka ce wucewa biyu ta farko minti 16, sai ta gamawa da fid 0.1 don ya yi santsi, ita kaɗai minti 16 tunda ka rage tafiyar da rabi. Minti 32, kuma ba a sa ɗaurawa da awo da wasa wuƙa ba, janareto kuwa yana shan mai duk lokacin.

Abin da ke ƙona min rai shi ne bel. Mutum ya sayi inji da kuɗi masu yawa sannan ya je ya ɗauko bel ɗin jabu don ragin ɗan canji, sati biyu ya saki yana zamewa, allon inji na cewa 200 alhali juyin bai kai ba, lissafi ya rushe. Haka ma janareton da aka rage wa wuta wai tattalin mai. Ka gwada da kanka, ja layi biyu a jikin ƙarfen tsakaninsu milimita 40, kunna agogon wayarka, in wuƙa ba ta cike su a minti ɗaya ba to akwai matsala. Ka duba allon kuma, tsofaffin injina da yawa inci suke rubutawa, 0.008 shi ne kusan 0.2.

"Me zai hana in kai juyin 600 in gama da wuri?" Daga Bichi.

Haba Malam! Wuƙar ƙarfe ta gama-gari kusan mita 30 a minti take jurewa a kan ƙarfe mai laushi, a kaurin 50 kusan juyi 200 kenan. Ka kai 600 ɓarɓashin zai koma shuɗi, bakin wuƙa ya ƙone kafin ka kai rabin shaf. Sai in wuƙa mai bakin kabayid ka saya, shi ma na kirki, kuma injinka ba ya rawa.