Kwalbar turare ta ƙi zama inda na ce

"Jama'a, ina son in ƙara 'yar kwalbar turare a kan teburin da ke hoton shagona a Jidda. Duk yadda na rubuta wa manhajar gyaran hoto, sai ta ajiye ta wani wuri ko ta yi ta ƙatuwa. Yaya zan rubuta?"

Wayyo ɗan'uwa, ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Azumin bara wani mai shagon dabino a nan Makka ya ba ni hotonsa, in sa finjalin gahawa kusa da hannunsa. Na rubuta "sa finjali a hagu". Sai ga finjali kamar bokiti a ɗaya gefen. Na yi ta maimaitawa a kan hoton da ya fito, sau bakwai, ban lura ba fuskar Alhaji tana sauyawa kaɗan-kaɗan. A gaban yaran shagonsa ya ɗaga wayar ya ce, "Wannan ai ba ni ba ne." Riyal 50 da muka yi ciniki ko halala bai ba ni ba, ga sahur biyu da na yi a kan aikin. Har yau in na bi ta ƙofar shagon sai raina ya sosu.

Don Allah ka daina cewa hagu ko dama kawai. Hagun mai kallo damar wanda ke cikin hoton ce, manhajar kuwa canka take yi. Ka danganta wurin kwalbar da wani abu da yake cikin hoton, wanda guda ɗaya ne tak. Girma ma haka: santimita ba ta cika aiki ba, don hoto ba shi da ma'auni. Ka gwada ta da abin da ke kusa. Da ni ne, ga abin da zan rubuta:

"Ƙara kwalbar turare ɗaya ta gilashi mai murfin zinare, a tsaye a kan teburin, tsakanin kaskon turaren wuta da sikeli. Tsayinta rabin na kaskon. Inuwarta ta faɗi gefen da ta kaskon ta faɗi. A bar komai yadda yake."

Maganar inuwar nan kada ka raina ta. In ka ga kwalbar kamar tana lilo a iska, inuwa ce babu a gindinta.

In manhajarka tana da burushin shafa wuri, shafa daidai inda kake so, ka ɗan zarce girman kwalbar don inuwa ta samu wuri. Wannan ya fi dogon bayani. Ni da Hausa nake tsara maganata, sannan in mayar da ita Larabci ko Turanci, don manhajojin sun fi gane su.

In bai yi ba, koma kan hoton asali, kada ka ɗora gyara kan gyara. Abin da ya ci ni ke nan. Kuma in aikin wani ne, wallahi karɓi rabin kuɗinka kafin ka taɓa hoton.